Hanta Ba Ta Barci: Wasiƙar Wani Likita Kan Metfomin da Sugan Asuba

Akwai ƙorafin da duk likitan da ke duba masu ciwon suga ya saba ji har ya haddace. Mutum ya ci ɗan abinci kaɗan bayan magariba, ya ƙi shayi, ya ƙi burodi, ya kwanta cikinsa na ƙugi. Da asuba ya huda yatsa, na'urar awo ta nuna masa lambar da ta fi wadda ya kwana da ita. Wasu sukan ce na'urar ce ta lalace. Wasu kuma sukan yanke cewa tunda yunwar ma ba ta yi amfani ba, gara su ci abin da ransu ke so.

Amsar wannan ƙorafi ba ta shiga cikin 'yan mintunan da majiyyaci ke samu a gaban likita ranar asibiti, ga layi har bakin ƙofa. Shi ya sa wasu likitoci kan rubuta bayani a takarda su ba mutum ya je gida ya karanta a tsanake, ko 'ya'yansa su karanta masa. Mu ɗauki misalin irin wannan wasiƙa. Mai karɓarta ɗan kasuwa ne mai shekara 54, mu kira shi Alhaji kawai. An tabbatar masa da ciwon suga nau'i na biyu, awonsa na safe yana kaiwa 190 mg/dL, alhali ana son na mai ciwon suga ya tsaya tsakanin 80 da 130. An rubuta masa metfomin, shi kuma ya zo da tambaya biyu. Ta farko, daga ina sugan ke fitowa tunda bai ci komai ba? Ta biyu, wani abokinsa a kasuwa ya ce masa ai maganin daga ganye Turawa suka samo shi, to me zai hana shi ya sha ganyen ya huta da ƙwaya?

Bayan sallama da gaisuwa da tambayar iyali, likitan ya shiga maganar kai tsaye: "Ranka ya daɗe, na'urarka lafiya lau take. Sugan da ka gani da asuba ba daga kwanon tuwo ya fito ba, hantarka ce ta zuba shi."

Wannan jimla ita ce ƙashin bayan wasiƙar, kuma tana buƙatar fashin baƙi. Jikin mutum ba ya jure jini ya rasa suga ko na ɗan lokaci, domin ƙwaƙwalwa kusan da shi kaɗai take aiki, tana cin kimanin giram 120 a kowace rana, a farke ko a barci. Amma abin da ke yawo a cikin jinin babban mutum gaba ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato kamar cokalin shayi guda. Da a ce babu mai ƙarawa, da wanda ya kwanta barci ba zai kai asuba ba. Hanta ce mai ƙarawar. Ita ce rumbun jiki: bayan an ci abinci takan ƙulle rarar suga ta adana shi, har kimanin giram 100, a wata siffa da ake kira gilaikojin. Idan abinci ya ƙare a hanji sai ta buɗe rumbun tana ɗiba tana sakarwa jini kaɗan-kaɗan.

Aikin hanta bai tsaya ga ɗiban ajiya ba, kuma nan ne inda labarin metfomin yake. Hanta na iya ƙera sabon suga daga abin da ba suga ba. Kayan aikinta uku ne: laktet, wanda tsoka da jajayen ƙwayoyin jini ke zubarwa bayan sun yi amfani da suga, giliserol, wanda ke fitowa idan kitse ya narke, sai gutsattsarin furotin da ke zuwa daga tsoka. Takan tattara waɗannan ta mayar da su suga fil. Da wannan baiwa ce mai azumi ke kaiwa magariba a tsaye.

Likitan ya yi wa Alhaji lissafi a takardar, tunda ɗan kasuwa ya fi yarda da alƙalami. Hantar mai lafiya, bayan an kwana ba a ci ba, tana sakin kimanin miligiram 2 na suga a kowane minti ga kowane kilo na nauyin jiki. Ga mai kilo 70, wannan ya kama miligiram 140 a minti, wato giram 8 da ɗoriya a awa guda, cokalin shayi biyu ke nan. A barcin awa 8 hanta ta zuba giram 67, kuma jiki ya cinye shi daidai yadda aka zuba, shi ya sa lambar mai lafiya ba ta motsawa sosai. To a ce hantar ta ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan wannan. Giram 2 ne kacal a awa, abin da ba zai cika tafin yaro ba. Amma kafin gari ya waye ya taru giram 16 ko 17, a jikin da tsokarsa ma ba ta karɓar suga yadda ya kamata. Ga inda 190 ta fito.

Me ya sa hantar ba ta tsayawa? Abubuwa biyu ke ba ta umarni, dukansu daga fankiriyas suke fitowa, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. Insulin shi ke cewa ta dakata, suga ya isa. Gulukagon shi ke cewa ta ƙara. A ciwon suga nau'i na biyu hanta takan yi kunnen ƙashi ga insulin, musamman idan kitse ya taru a cikinta, gulukagon kuwa yakan yi yawa fiye da kima. Sai ta ci gaba da ƙera suga tamkar mai ita ya kwana uku bai ci ba, alhali jinin a cike yake. Gab da asuba kuma jiki kan saki wasu sinadarai da ke shirya mutum ya farka, su ma suna ingiza hantar. Saboda haka kwana da yunwa ba ya warware matsalar. Alhaji ya yi ta horar da cikinsa ne, mai laifin kuwa na can ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama.

Daga nan wasiƙar ta koma kan maganar abokin kasuwa. Abokin bai yi ƙarya ba, rabin labarin ne ya ji.

Tsiron sunansa Galega officinalis, dangin wake ne mai fure fari ko shuɗi-shuɗi, yana fitowa a kudancin Turai da yammacin Asiya. Masu maganin gargajiya na Turai sun daɗe suna amfani da shi, kuma a 1772 wani masanin tsirrai ɗan Ingila, John Hill, ya ambace shi a matsayin maganin yawan ƙishirwa da yawan fitsari, alamomin da duk mai ciwon suga ya sani. Da masana suka bincika, sai suka tarar tsiron na ɗauke da sinadarai dangin guwanidin, cikinsu har da wanda aka raɗa wa suna galejin. A 1918 aka nuna cewa guwanidin na sauke suga a jinin zomaye. Matsalar ita ce guba ne. Galejin ya ɗan fi shi sauƙi, amma shi ma bai yi lafiyar da za a riƙa ba mutane ba. Tsiron kansa yana kashe tumaki idan suka ci da yawa, ruwa ya cika musu huhu. An kai shi Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 da niyyar ya zama abincin dabbobi, yau ga shi cikin jerin miyagun ciyayin da gwamnatin ƙasar ke yaƙi da su.

Abin da masana suka ɗauka daga tsiron dabara ce, ba ruwan ganye ba. Suka shiga sarrafa sinadarai masu kama da nasa a ɗakin gwaje-gwaje, suna neman wanda zai sauke suga ba tare da ya kashe mai shan sa ba. A 1922, a birnin Dublin, Emil Werner da James Bell suka haɗa sinadarin da yau ake kira metfomin, ba ma da nufin magani ba. A 1929 aka gwada shi a kan zomaye a Jamus, aka ga yana aiki. Amma lokacin insulin ya riga ya fito daga Toronto ya ɗauke hankalin duniya, wasu 'yan uwan sinadarin da aka fara sayarwa da sunan Synthalin kuma sun ɓata wa mutane hanta, sai aka tattara dangin gaba ɗaya aka ajiye. Sai a 1957 wani likita a Paris, Jean Sterne, ya wallafa sakamakon gwajinsa a kan masu ciwon suga, aka sa wa maganin suna Glucophage. Birtaniya ta fara amfani da shi a 1958. Amurka kuwa ba ta amince da shi ba sai a ƙarshen 1994, saboda wani ɗan uwansa mai suna fenfomin ya yi kisa har aka janye shi a can a 1977, tsoron ya shafi dangi duka.

Ƙwayar da ke hannun Alhaji babu ko ɗigon ganye a cikinta. A masana'anta ake haɗa ta daga sinadarai biyu masu araha, shi ya sa ma kuɗinta bai kai na yawancin magungunan suga ba. Likitan ya rubuta: "Kakan maganin ne ganye, Alhaji, kuma kakan mugu ne. Shekara kusan arba'in aka yi kafin a sami jikan da za a iya zama da shi." Ya ƙara da cewa bai hana shi miyar shuwaka ko kwaɗon zogale ba, abinci ne masu kyau. Abin da yake tsoro shi ne jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a gora ba a san me ke ciki ba, ba a san nawa ne a kofi guda ba. Duk ƙwayar metfomin da aka rubuta 500 a jikinta miligiram 500 ce yau, ita ce kuma gobe. Ganye kuwa ƙarfinsa na bin ƙasar da ya fito, da damina ko rani, da hannun wanda ya dafa.

To yaya ƙwayar ke shawo kan hanta? Farko dai hanya ce ta taimake ta. Yawancin abin da hanji ya tsotsa ba ya shiga sauran jiki sai ya bi ta wata babbar jijiya da ke kai shi hanta kai tsaye. Saboda haka hanta ce ke fara karɓar maganin, kuma da kauri fiye da yadda zai isa tsoka ko ƙwaƙwalwa. A jikin ƙwayoyin halittar hanta akwai wata kafa ta musamman, masana na kiranta OCT1, wadda ke jawo metfomin ciki. Mutanen da suka gaji kafar mai rauni, an ga maganin bai cika yi musu aiki sosai ba, abin da ke ƙara nuna cewa can cikin hantar ake yin aikin.

A cikin kowace ƙwayar hanta akwai wasu ƙananan sassa da ake kira maitokondiriya, su ke ƙona abinci su samar da makamashin da ƙwayar ke aiki da shi. Makamashin nan a dunƙule yake cikin wani sinadari mai suna ATP. Ƙera suga aiki ne mai tsada: kafin hanta ta haɗa ƙwayar suga guda ɗaya tak daga laktet, sai ta kashe kwatankwacin ATP guda 6. A shekarar 2000 ƙungiyoyin masu bincike biyu, kowa da nasa aikin, suka nuna cewa metfomin na ɗan rage gudun maitokondiriya. Ba ya kashe su, sassautawa kawai yake yi. Da zarar makamashi ya ɗan ja baya, ƙwayar hanta kan duba ayyukanta ta rage wanda ya fi cin makamashi kuma bai shafi rayuwarta ba, wato ƙera suga don wasu.

Hanyar da take gane cewa makamashi ya ragu ita ce taruwar wani sinadari, AMP, wanda shi ne ragowar ATP bayan an cinye shi. AMP ɗin yana toshe ɗaya daga cikin matakan da dole a bi kafin a ƙera suga, yana kuma dusashe kiran da gulukagon ke yi wa hanta. Sannan yana tayar da wani mai sa ido kan makamashi da ake kira AMPK, wanda ke rage tara kitse a hanta, ita kuma ta fara jin maganar insulin. An daɗe ana ɗauka AMPK ne sirrin duka, tun daga binciken da ya fito da shi a 2001. Sai a 2010 masu bincike a Paris suka cire shi daga hantar ɓeraye, suka ba su metfomin, suga ya sauka duk da haka. A 2014 kuma wata ƙungiya a Jami'ar Yale ta Amurka ta kawo wani bayanin: cewa maganin na toshe wani mataki dabam, wanda ke hana hanta amfani da laktet da giliserol, biyu daga cikin kayan aikinta uku. Har yau masana na ja-in-ja kan wanne daga cikin hanyoyin nan ya fi rinjaye a jikin ɗan Adam, wasu ma na ganin hanji na da kaso mai tsoka a aikin, tunda maganin na taruwa a bangon hanji fiye da ko'ina, yana kuma rage sha'awar abinci. Abin mamaki ne a ce maganin da miliyoyin mutane ke haɗiya kowace safiya, fiye da shekara 60 bayan Sterne, ana nan ana gardama kan yadda yake aiki.

Sakamakon dai ba a gardama a kansa, an auna shi a jikin mutane. Wani bincike da aka wallafa a 2000, shi ma daga Yale, ya bi masu ciwon suga kafin su fara metfomin da kuma bayan wata 3. Ƙera sabon suga ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku, jimlar abin da ake sakarwa jini kuma ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Idan aka tuna lissafin da likita ya yi wa Alhaji, za a ga kusan rarar nan ce aka datse.

Wanda ya fahimci wannan, ya fahimci halayen maganin ba tare da hadda ba, kuma a ganina nan ne wasiƙar ta fi takardar da ke cikin kwali amfani. Metfomin ba ya matsa wa fankiriyas ta fitar da ƙarin insulin, kuma ba ya rufe hanta ruf, rage mata gudu kawai yake yi. Saboda haka da wuya shi kaɗai ya sa suga ya faɗi ƙasa warwas har mutum ya kama rawar jiki da gumi, saɓanin gilibenkilamaid da insulin. Amma idan an haɗa shi da ɗayansu, haɗarin na nan. Ba ya kuma sa ƙiba, wasu ma sukan ɗan ragu. Kuma ba maganin gaggawa ba ne. Wanda ya ci shinkafa ya ƙoshi a wajen biki, ya haɗiyi ƙwaya biyu don ta wanke, bai yi wa kansa komai ba sai ciwon ciki.

Ciwon cikin shi ne ke raba mutane da yawa da maganin tun a makon farko. Tashin zuciya, kumburin ciki, gudawa, da wani ɗanɗano kamar na ƙarfe a baki, sukan sami mutum 2 ko 3 cikin 10 a farkon sha, amma yawanci sukan lafa, kimanin 1 cikin 20 ne kaɗai ke kasa jurewa. Likitan ya tsara wa Alhaji hawa a hankali: miligiram 500 sau ɗaya a rana, a tsakiyar abincin dare, har mako guda. Mako na biyu 500 da safe, 500 da dare. Daga nan a riƙa ƙara 500 duk mako ko biyu, har a kai 1000 da safe da 1000 da dare idan ciki ya yarda. Abin da ya wuce miligiram 2000 a rana ba ya ƙara amfani sosai, wahala yake ƙarawa. Idan gudawa ta matsa, a koma matakin da aka baro a ɗan zauna a kansa. Idan ta ƙi, akwai samfurin da ke narkewa sannu a hankali, wanda ake rubuta XR ko SR a jikin kwalinsa. Shi ba a tauna shi, ba a fasa shi, kuma wani lokaci akan ga ɓawonsa a bayan gida, maganin ya riga ya fita daga ciki.

Sashen da likitan ya ja wa layi a ƙarƙashi shi ne na ƙoda. Jiki ba ya sarrafa metfomin ya mayar da shi wani abu, yadda ya shiga haka ƙoda ke tace shi ta fitar cikin fitsari. Idan ƙoda ta gaza, maganin ya taru. Ga shi kuma aikinsa ya haɗa da hana hanta cinye laktet. Idan abubuwan biyu suka haɗu, laktet na iya cika jini ya mayar da shi mai tsami, ciwon da ke iya kisa. Ba kasafai yake faruwa ba, a cikin mutum 100,000 masu shan maganin bai kai 10 a shekara ba, kuma kusan kullum akwai wani dalili a gefe. Alamominsa numfashi mai zurfi da sauri, kasala mai tsanani, ciwon tsoka, amai da magagi. Wannan na asibiti ne a daren, ba na jiran gobe ba.

Daga nan ne jita-jitar cewa metfomin na kashe ƙoda ta samo asali. Mutum ya ga an dakatar wa maƙwabcinsa da maganin ranar da aka ce ƙodarsa ta taɓu, sai ya ɗora wa maganin laifi. Suga da hawan jini ne suka ci ƙodar, an janye maganin ne saboda ƙofar fitarsa ta ƙuntata. Ana auna ƙarfin ƙoda da wata lamba da ke fitowa a takardar gwajin jini, eGFR. Ta Alhaji 78 ce, babu damuwa. Idan ta sauka tsakanin 30 da 45 akan rage maganin zuwa rabi, wato kada ya wuce 1000 a rana. Ƙasa da 30 akan daina gaba ɗaya. Ana son a duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ƙoda mai lafiya ma tana iya durƙushewa cikin kwana ɗaya idan ruwan jiki ya ƙare, abin da ba baƙo ba ne inda amai da gudawa ke yawaita da damina, ko zazzaɓi ya kwantar da mutum a zafin bazara. Dokar da likitan ya rubuta mai sauƙi ce: ranar da kake amai ko gudawa mai yawa, ko ba ka iya shan ruwa, ajiye metfomin, ka koma kansa kwana ɗaya ko biyu bayan ka dawo ci da sha kamar kullum. Ya gargaɗe shi kan magungunan ciwon jiki irin su daiklofenak da ibufurofen da ake saye a kemis ba takarda, domin suna takura wa ƙoda, musamman a jikin da ba ruwa. Haka idan za a yi masa tiyata, ko hoton da ake zuba ruwan rini a jijiya, ya faɗa musu tun da wuri. Giya mai yawa ita ma tana hana hanta cinye laktet, ko da yake likitan ya san wannan layin ba don Alhaji ya rubuta shi ba.

Akwai wata illa da ba ta zuwa sai an shekara da shekaru. Metfomin na rage tsotsar bitamin B12 a hanji, ƙarancinsa kuma na kawo ƙarancin jini da dindiris ko zugi a tafin ƙafa. Matsalar ita ce ciwon suga kansa yana kawo irin wannan alama, sai a ɗauka shi ne, a bar abin da allura ko ƙwaya za ta gyara. Wanda ya haura shekara 4 yana shan maganin, ko ya fara jin ƙafarsa kamar ba tasa ba, ya nemi a auna masa.

Da yake Ramadan na tafe, wasiƙar ta taɓo azumi. Masu shan metfomin kaɗai suna cikin waɗanda haɗarinsu ya fi ƙanƙanta, saboda dalilin da aka ambata. Mai sha sau ɗaya ya sha da buɗa-baki. Mai sha sau biyu ya sha da buɗa-baki da sahur. Mai sha sau uku ya sha na safe da sahur, ya haɗa na rana da na dare a buɗa-baki. Ya riƙa awo da rana, kuma idan lambar ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, ya karya azumin ya rama daga baya. Likitan ya lura cewa a watan azumi abin da ya fi ba shi aiki ba faɗuwar suga da rana ba ne, kunu mai zaƙi ne da ƙosai da lemon kwalba da ake jerawa bayan magariba.

Yadda za a gane maganin na aiki shi ne awon safe, tunda shi ne madubin abin da hanta ta yi cikin dare. Yakan fara sauka cikin makon farko ko na biyu, ya ci gaba da sauka yayin da ake ƙara ƙwayar. Bayan wata 3 sai a yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan watannin da suka wuce. Metfomin kan rage shi da maki 1 zuwa 1.5. Na Alhaji 8.4 ne, saboda haka likitan ya faɗa masa abin da zai sa rai da shi: wajen 7 zuwa 7.4, awon safe kuma ya dawo kusa da 130. Wanda ya fara daga 11 ko 12, da rama da yawan fitsari, metfomin kaɗai ba zai kai shi ba, yakan buƙaci ƙari tun daga farko. Mai nau'i na ɗaya kuwa, wanda jikinsa ba ya yin insulin sam, babu ƙwayar da ke maye masa gurbin allura.

Abin da ya ɗaga darajar maganin a idon likitoci shi ne babban binciken Birtaniya da ake kira UKPDS, wanda sakamakonsa ya fito a 1998. An bi masu ciwon suga masu ƙiba na kimanin shekara 10, aka ga waɗanda aka ba metfomin sun sami raguwar bugun zuciya da kashi 39 cikin 100, da raguwar mutuwa da kashi 36, idan aka gwada su da waɗanda aka fara da gyaran abinci kawai. Binciken ya kuma nuna ɗaya fuskar, wadda likitan bai ɓoye wa Alhaji ba. Ciwon na tafiya gaba, domin ƙarfin fankiriyas na raguwa da shekaru. Bayan shekara 3 kusan rabin majiyyata sun buƙaci magani fiye da ɗaya, bayan shekara 9 kuwa kimanin uku cikin huɗu.

Saboda haka ya roƙe shi ya riƙa rubuta lamba biyu a littafi, kwana biyu ko uku a mako: ta asuba kafin ya ci komai, da ta awa 2 bayan abincin da ya fi girma a ranar, wadda ake son ta tsaya ƙasa da 180. Idan ta asuba ta gyaru amma ta bayan abinci na tashi zuwa 250, hanta ta ji magana, saura kwanon, sai a duba yawan tuwo da shinkafa, a ƙara 'yar tafiya bayan cin abinci. Idan kuwa ta asuban ce ta koma hawa duk da yana shan 2000 ba fashi, lokacin ƙara magani na biyu ya yi, kuma metfomin ɗin ba a cire shi, a kansa ake ɗorawa muddin ƙoda na ɗauka.